Aminin Mahaifinmu Ya Nace Sai Mun Sayar Masa da Filin Gado

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fili guda, har yanzu ba a raba ba. Mu biyar ne, maza biyu mata uku, ni ne babba, kuma mahaifiyarmu tana raye. Maƙwabcin filin aminin marigayi ne, tun muna yara Baba muke ce masa. Yana so ya saya ya haɗa da nasa. Sau biyu yana aiko dillali, kuma tayinsa ya fi yadda ake sayar da irin filin a wajen. Da farko na ce za mu yi shawara. Karo na biyu na ce kuɗin bai kai ba, don dai ya haƙura, sai ya ƙara. Kwanan baya kuma ya aika wa Mama da kuɗi a ambulan, wai na gaisuwa. Mu ba ma son sayarwa, amma ƙanena ya fara cewa a duba maganar, saboda yana neman jari. Yaya zan ce a'a ba tare da na ɓata zumuncin da mahaifinmu ya bari ba?

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta.

Ɗan'uwa, kada ka je wurin dattijon nan tukuna. Ka fara da ƙanenka, domin a'ar da za ka faɗa a waje ba za ta fi ƙarfin wadda aka faɗa a cikin gida ba, kuma a yanzu ta cikin gidanku ba ta cika ba.

Ga dalili. Filin da ba a raba ba, kowane magaji yana da kasonsa a cikin kowane taku nasa, kuma kasancewarka babba bai ba ka ikon yanke hukunci a kan kason wani ba. In rabon Musulunci kuke bi, kuma mahaifiyarku ce kaɗai matar da marigayi ya bari, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa, to lissafinku mai sauƙi ne. Bayan an fitar da bashi da wasiyya in akwai, a kasa filin gida takwas: Mama ɗaya, kowace mace ɗaya, kowane namiji biyu. Wato ƙanenka yana riƙe da rubu'in filin nan cif. Yana da damar ya sayar da wannan rubu'in ko ba a yanka ba, yana kuma da damar ya nemi a raba a fitar masa da nasa, in kun ƙi ya kai gaban alƙali. Wannan haƙƙin neman rabo ba a shari'ar Musulunci kaɗai yake ba, dokokin ƙasashe da yawa sun ba wanda ke tarayya a dukiya damar neman a cire masa nasa. Dillalin da ya san aikinsa ya san duk wannan. In babban wa ya rufe masa ƙofa, ba ya tsayawa gardama da shi, sai ya nemi wanda ke cikin buƙata a gidan. Ina kyautata zaton ya riga ya san wane ne.

Akwai kariyar da shari'a ta ba ku, wato shuf'a: in abokin tarayya ya sayar wa bare kasonsa a fili ko gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon karɓe kason su biya mai sayen. Amma kada ka kwanta a kanta. Kuɗin da za ku biya shi ne daidai wanda baren ya biya, ba wanda kuke ganin ya dace ba, kuma in kun sani kuka yi shiru lokaci ya ja, haƙƙin yana faɗuwa. Ga shi kuma kafin a kai nan, an riga an shiga shari'a da aminin uba, an kuma ɓata da ƙane. Duk abin da kake gudu ya faru ke nan.

Saboda haka ka kira ƙanenka ku biyu kawai, ba a taron gida ba, kuma kada ka buɗe da wa'azin gadon iyaye. Mutumin da ke neman jari ya san darajar filin ubansa, abin da ke damunsa daban. Tambaya biyu za ka yi masa. Ta farko: nawa yake buƙata, da lamba, kuma zuwa yaushe? Ta biyu, wadda mutane ke jin nauyin yi: shin dillalin ya same shi shi kaɗai, ya kuma karɓi wani abu ko ya sa hannu a wata takarda? Ka yi ta biyun da murya mai sanyi, ka nuna masa ba tuhuma ba ce, so kake ka san inda kuke tsaye kafin ka buɗe baki a gaban dattijo. Babu kunyar da ta kai ka je ka ce gidanku ya yanke ba ya sayarwa, a ciro maka takarda mai sa hannun ɗan gidanku.

Amsar tambaya ta farko ita za ta nuna maka hanya. Sau da yawa abin da mutum ke nema bai kai rabin kasonsa ba, ganin kuɗi a tare ne ya sa ya fara tunanin sayar da komai. In haka ne, rance daga 'yan'uwa, a rubuce, da lokacin biya, ya fi sauƙi a kan kowa. In kuwa da gaske kasonsa yake so ya mayar kuɗi, to ku saya a cikin gida, kuma a nan ne rigima take ɓuya, a wajen farashi. Maƙwabci yana iya biyan abin da ya fi kasuwa, saboda filinku ya fi masa amfani fiye da kowa: shi kaɗai ne zai rushe katanga ya samu fili biyu a haɗe. Ƙanenka kuwa da wannan tayin zai riƙa lissafi. A ce darajar filin a kasuwa 100 ce, tayin Baba 120. Rubu'in ƙanenka a kasuwa 25 ne, a tayin Baba 30. Waɗannan 5 ɗin da ke tsakani su ne za ku zauna a kansu, kuma ya fi kyau kai ka fara ambatonsu da bakinka, kafin shi ya ji kamar ana so a ci da guminsa da sunan 'yan'uwantaka. Ku nemi mutum biyu da suka san darajar filaye, waɗanda ba su da alaƙa da dillalin nan, kowa ya yi ƙiyasinsa daban, ku ɗauki tsakiya. In da hali, ni shawarata ku ɗan ɗaga masa sama da kasuwa, musamman in biyan zai zama kashi-kashi, domin wanda ya yarda a biya shi a hankali ya yi muku rangwame babba.

Kada kuma ka saye rubu'in nan kai kaɗai a ɓoye. In ka yi haka ka zama mai rabin fili, kuma gobe 'yan'uwanka mata za su ce da ma abin da ya sa ka hana sayarwa ke nan. Ka buɗe wa kowa, wanda ke da hali ya shigo, a rubuta wa ya biya nawa, kasonsa ya koma nawa, da shaidu.

In duk wannan bai yiwu ba, sai rabo, kuma ka shiga da idonka a buɗe. Da zarar an kafa iyaka an fitar da hanya, babu sauran shuf'a, kuma a mazhabar Malikiyya maƙwabtaka kaɗai ba ta ba mutum wannan haƙƙi. Ƙanenka zai iya sayar wa duk wanda ya ga dama. Abin da za ku kula da shi a nan shi ne kada yankin da aka cire ya tafi da bakin hanya ya bar sauran a kulle a baya.

Wani abu kuma, tun da muna cikin gida. Ka ce ba kwa son sayarwa. Ka tambayi Mama da ƙannenka mata ɗaya bayan ɗaya, ko dai kai ka faɗa suka yi shiru? Su huɗun nan rabin filin ke hannunsu. A gidaje da yawa in babban wa ya fara magana a taro, mata sukan ce duk yadda ka gani, alhali wata tana da buƙatar da ta fi ta ƙanen da ya fito fili ya faɗa. Ka same su daban-daban, ka tambaya kafin ka faɗi naka ra'ayin. In ka tarar mafi yawansu sayarwa suke so, to wasiƙarka ta canza, kuma gara ka sani yanzu.

To, a ce gida ya haɗu. Sai Baba.

Gaskiya mai ɗaci ita ce har yau ba ka ce masa a'a ba. Mutumin da ya ji an ce kuɗinsa bai kai ba, ciniki ya ji an buɗe, kamar yadda mai kaya ke cewa albarka yana jiran a ƙara. Ya ƙara, kuma a ganinsa mutunci ya yi muku. Don haka kada ka je da fushin wai ya matsa muku. Ka je a matsayin wanda ya bar magana a buɗe ya zo ya rufe ta.

Babban tarkon da masu kunya ke faɗawa shi ne kawo dalili. Muna ganin in muka ba mutum dalili mun girmama shi, kuma haka ne a wasu wurare. Amma a maganar saye da sayarwa, duk dalilin da kuɗi ko lokaci zai iya warwarewa, aiki ka ba mai saye. Ka ce kuɗi ya yi kaɗan, zai ƙara. Ka ce ba a raba gado ba, zai ce ya san malamin da zai raba muku a mako guda. Ka ce gini za ku yi, zai tambaye ka yaushe, bayan shekara biyu in bai ga bulo ba ya dawo, kuma a lokacin kai ne mai jin kunya. Mafi muni shi ne ka ce Mama ce ba ta so. Ka ɗora wa tsohuwa nauyin da ka kasa ɗauka, ka nuna wa dillali ƙofar da zai riƙa ƙwanƙwasawa, ka kuma sanar da su cewa ranar da babu ita maganar ta tashi. Haka nan ka guji ƙananan kalmomin nan masu daɗin faɗa: tukuna, a yanzu dai, sai mun gani, bari a ɗan jima. Kowace ɗaya alkawarin wata ziyara ce. Abin da ba ya warwaruwa shi ne hukuncin da aka riga aka yanke: mun zauna, mun yanke, filin ba na sayarwa ba ne.

Kuma ka kai da ƙafarka, kada ka ba dillali saƙo. Ba don mugu ba ne. La'adarsa tana fitowa ne in an yi ciniki, don haka in ka ce masa ba za ku sayar ba, abin da zai isar shi ne yaran suna ɗan jan aji amma ana kan magana. Ba zai iya kai a'arka yadda ka faɗe ta ba. Ban da haka, mutumin da kuke kira Baba ya cancanci ya ji daga bakinka. Rabin ladabin a nan yake, a zuwan kansa.

Ku je ku uku: kai, ƙanenka, da wani babba daga dangin mahaifinku, baffanku in akwai. Baffa zai sa maganar ta zama ta manya, ya kuma zama shaida. Ƙanenka kuwa zamansa a gefenka ya fi duk abin da za ka faɗa, ko bai ce uffan ba, domin Baba zai gani da idonsa cewa babu ɓaraka. Ku aika tukuna cewa kuna tafe, ku same shi a gida, lokacin da ba ya cikin jama'a. Dattijo yana iya haɗiye a'a a ɗakinsa, amma da wuya ya yafe wadda aka faɗa masa a gaban abokansa. Ku gaisa sosai, kada ku yi gaggawa, a tambayi iyali, a yi wa marigayi addu'a. Sannan baffa ya buɗe ya ba ka dama, ka ce wani abu kamar haka:

"Baba, mun zo ne a kan maganar filin nan. Da farko mun gode, domin da wani ne da ya bi ta bayan fage, kai kuwa ka zo mana ta ƙofa, kuma tayin da ka yi na mutunci ne. Ni na ja maganar, har na ambaci kuɗi, alhali ba nan matsalar take ba, a yi haƙuri da wannan. Mun zauna gaba ɗayanmu, da Mama da 'yan'uwana duka, mun yanke ba za mu sayar da filin ba. Ba maganar farashi ba ce. Mun ga bai dace mu bar ka kana jira ba, shi ya sa muka zo da kanmu, don in akwai wani wuri da kake dubawa kada mu tsare ka."

Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne wuri mafi wuya a duk ziyarar. Zai yi nauyi, za ka ji kamar ka ƙara wani abu don ka sassauta, kuma abin da zai fito daga bakinka a wannan lokacin shi ne irin su wataƙila nan gaba. Ka sunkuyar da kai ka bar shi ya yi magana.

Zai ce wani abu, kuma kusan ana iya sanin me zai ce. In ya ce to ku faɗi nawa kuke so, kada ka yi dariya ka ce ai ko ninki biyu ne ba za mu sayar ba, domin ka ambaci lamba ke nan. Ka ce, "Baba, wallahi ba kuɗin ba ne, ba ma sayarwa ne." In ya kawo zamansa da mahaifinku, ya ce da yana raye da ba zai hana shi ba, kada ka yi musu a kan abin da mamaci zai yi. Ka karɓi zumuncin ka bar filin: "Haka ne Baba, mun san yadda kuke, shi ya sa ma muka zo da kanmu. Amma wannan shi ne abin da muka yanke." In ya sake tambaya ta wata fuska, ka sake ba shi amsar nan da kalmominta. Kada ka ji kunyar maimaitawa. Sabuwar amsa sabuwar ƙofa ce, tsohuwar kuwa in ya ji ta sau uku zai gane babu wani abu a bayanta.

Akwai magana ɗaya da in ta fito sai ka natsu sosai: in ya ce marigayi ya taɓa yi masa alkawarin filin, ko akwai kuɗi tsakaninsu a kansa. Kada ka ƙaryata shi, kada kuma kunya ta sa ka ce e, mun taɓa jin haka. Ka ce ba ku da masaniya, in akwai rubutu ko shaidu a kawo wa baffa a duba, kuma in bashi ne ya tabbata za ku biya, domin bashin mamaci yana gaba da gado. Ka lura, biyan bashi daban, sayar da fili daban. Kada a haɗa maka su a zama ɗaya.

Yana iya kuma sassautowa ya ce to duk ranar da za ku sayar ku fara tuntuɓarsa. Da daɗin ji, kuma mutane da yawa sukan amsa da to don a rabu lafiya. Ni ban so ka amsa. Alkawari ne a kan dukiyar mutum shida, a gaban shaida, kuma zai sa ya ci gaba da kallon filin a matsayin nasa mai jiran lokaci. "Ba mu da wannan niyyar, Baba" ta isa.

Sai ambulan. Ga yadda za ka gane matsayinsa: shin tun rasuwar mahaifinku ya saba aika wa Mama irin wannan, ko sai da maganar fili ta taso? In ya saba, alheri ne na amini, a karɓa a yi godiya. In kuwa wannan ne na farko, ko ya fi na da nesa ba kusa ba, to a mayar. Ba ina cewa da mugun nufi ya bayar ba. Amma Mama tana da kaso a filin, kuma kuɗin da ya fito daga hannun mai saye ya shiga hannun mai kaso ana tsakiyar tayi, wata rana wani zai iya kiransa kafin alƙalami, ko da Baba da kansa bai kira shi haka ba. 'Ya'yansa suna nan, kuma ba su san yadda aka yi ba. In an riga an taɓa kuɗin, ku cika shi daidai yadda ya zo. Kada kai ka miƙa, yaro ba ya mayar wa uba kyauta. Baffa zai miƙa a ƙarshen zaman, a hankali, ya ce Hajiya ta gode ƙwarai, amma tun da maganar fili tana tsakani ta ga ya fi kyau a ajiye wannan, kada ya zama abin magana. In ya rantse ba zai karɓa ba, kada a yi ta ja-in-ja. Baffa ya ce, "To Alhaji, mu shaida ne kyauta ce, ba ta da alaƙa da fili." In ya amsa da bakinsa a gaban mutum uku, an samu abin da ake nema. Ka rubuta ranar da abin da aka faɗa in kun koma gida.

Zai ji zafi, wannan kada ka yaudari kanka. Mai yiwuwa ya yi wata biyu yana amsa gaisuwarka a taƙaice. Ba alamar ka yi kuskure ba ce, mutum ne ya so abu bai samu ba. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a fara kauce masa saboda nauyi, a daina zuwa gaishe shi, a canza hanya in an hango shi. Wannan ne ke kashe zumunci, ba ƙin sayarwa ba. Ka ci gaba da duk abin da ka saba yi masa, ka je gaisuwa, in yana da sha'ani a gan ka a gaba, in ba shi da lafiya ka duba shi. Kada dai ka tayar da maganar fili, ko da da sunan ba da haƙuri. Wanda ke ta ba da haƙuri a kan abu yana nuna bai gama yanke shi ba.

A cikin gida kuma ku zama baki ɗaya. Duk wanda aka tara da maganar, Mama ce ko ƙanwa ko mijin ƙanwa, amsarsa ɗaya: maganar fili tana wurin Yaya, kuma an riga an rufe ta. Ka ambaci mazajen ƙannenka musamman, ka sanar da su cikin girmamawa, domin ta nan ake yawan shigowa. In an turo wani babba da kake jin nauyinsa ya sa baki, ka karɓe shi da kyau, ka saurare shi har ya gama, ka ba shi amsar da ka ba Baba ba ƙari ba ragi. Dillali kuwa sau ɗaya za ka gaya masa kun yi magana da Alhaji kai tsaye an gama. Kada ka ba shi kwafin takardar filin, ko da ya ce dubawa kawai za a yi, kada kuma ka yarda a shiga a auna da sunan a san girmansa. Filin da ba na sayarwa ba ba ya buƙatar awon mai saye.

Shi kansa filin ku nuna yana da masu shi. Wanda aka bari ciyawa ta rufe, babu mai leƙawa, kowa zai ɗauka jira yake a taya. Ku tabbatar alamomin iyaka suna nan a kusurwa huɗu, ku ɗauki hotonsu, in da hali ku kewaye ko ku sa a riƙa noma shi. Takardun su zauna wuri ɗaya da kowa ya sani, in kuma har yanzu da sunan marigayi suke, ku fara bin hanyar da dokar wurinku ta tanada don mayar da su sunan magada. In Baba ya nemi aron gefe ya ajiye yashi ko bulo, ko ya riƙa wucewa da mota, na fi son ka ba da haƙuri tun farko, don abin da aka ajiye na wata ɗaya yakan shekara, kuma fitar da kayan dattijo ya fi hana shi ajiyewa wuya. In ka ga ba za ka iya hanawa ba, a rubuta cewa aro ne, da ranar kwashewa, ya sa hannu.

Duk wannan a kan mai saye ne irin Baba, mutum mai zaman kansa, wanda ba shi da wata hanya sai yardarku. In wata rana hukuma ce ta zo da sanarwar karɓar wurin don aikin jama'a, wannan babi ne daban, a can maganar diyya ake yi da bin ƙa'ida, kuma lauya za ka nema tun ranar farko.

Ina sa ran ziyara ɗaya za ta wadatar, don mutumin da ya yi zama da mahaifinku har kuke ce masa Baba da wuya ya wuce nan. Amma in bayan haka ka ga an matsar da alamar iyaka, ko an ga baƙi suna awo, ko an fara toshe muku hanyar shiga, ko dillali ya ci gaba da bin 'yan gidanku ɗaya-ɗaya, to lokacin rubutu ya yi. Wasiƙa gajera, layi huɗu ko biyar: gaisuwa, ranar da kuka ziyarce shi da waɗanda suka halarta, cewa magada duka sun yanke ba za su sayar da filin ko wani yanki nasa ba, kuma babu wanda aka wakilta ya yi ciniki ko ya karɓi kuɗi a madadinsu. Babu zargi a ciki, babu barazana. Ku shida ku sa hannu, baffa ya kai, ku riƙe kwafi. In an taɓa iyaka kuwa, kada ka tura ƙanenka ya je ya mayar da alamar da hannunsa, nan ake fara faɗa. Ka ɗauki hoto a ranar, ka ajiye shi tare da na farko, ka kai wa hukumar da ke kula da filaye a wurinku ko lauya, su aiko mai awo ya mayar da ita bisa abin da takarda ta nuna.